Faifan VM: mai ƙaruwa ko tsayayye, wanne ya dace da laftof mai SSD 256 GB?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Laftof ɗina SSD 256 GB gare shi, kuma wajen 90 GB ne ya rage babu komai. Ina koyon aikin netwok, ina so in ɗora Windows Server da Windows 10 da Ubuntu a VirtualBox, kowanne da faifai 60 GB. Wani abokina ya ce in zaɓi "Fixed size" don ya fi gudu, wai "Dynamically allocated" nauyi gare shi. Gaskiya ne? Kuma me ya sa tsohon Ubuntu ɗina fayil ɗinsa ya kai 31 GB, alhali a ciki 14 GB kawai yake nunawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗauki "Dynamically allocated", wato mai ƙaruwa, a dukkan ukun, ba "Fixed size", wato tsayayye, ba. Idan VirtualBox 7 kake amfani da shi ba za ka ga wannan sunan a shafin farko ba, wani ɗan akwati za ka gani mai suna "Pre-allocate Full Size", sai ka bar shi ba ka taɓa ba. Lissafi ma kaɗai ya raba gardamar: faifai uku masu 60 GB tsayayyu 180 GB za su ci nan take, kai kuwa 90 ke hannunka. Amma maganar abokinka ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Tana da asali, sai dai asalin nata ya fi shafar wani irin faifai da ba shi ne a cikin laftof ɗinka ba. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne wancan 31 GB ɗin, ba gudu ba.

Faifan da baƙuwar kwamfutar, wato VM ɗin da ke aiki a cikin VirtualBox, take gani fayil ne guda ɗaya zaune a kan faifan laftof ɗinka, sunansa yana ƙarewa da `.vdi`. VirtualBox yana yanka wannan faifai gida-gida, kowane yanki 1 MB, sannan ya ajiye wata taswira a farkon fayil ɗin wadda ke cewa yanki kaza yana wuri kaza. Faifai mai 60 GB yankuna 61,440 ke nan, taswirarsa kuwa ba ta wuce 240 KB ba, don haka tana zaune a RAM muddin VM tana aiki. A faifai tsayayye, ranar da ka ƙirƙire shi ake rubuta dukkan yankunan, a cika su da sifili, a jera su ɗaya bayan ɗaya. A mai ƙaruwa kuwa taswirar kaɗai ake rubutawa, kowane layi nata yana cewa "babu kowa nan tukuna", shi ya sa sabon fayil ɗin bai fi megabait biyu ba duk da baƙuwar tana ganin 60 GB cif.

To a ina ake asarar gudun? A rubutun farko ne kawai. Idan baƙuwar ta zo rubutu a yankin da ba a taɓa taɓawa ba, dole VirtualBox ya tsawaita fayil ɗin da 1 MB, ya sa bayanan a wurinsu, ya cike sauran da sifili, sannan ya koma ya gyara taswira. Aiki ɗaya ya zama uku ko huɗu. Amma da zarar yankin ya samu wuri, shi ke nan: rubutu na biyu da na dubu a kansa, da duk wani karatu, hanya ɗaya suke bi da ta faifai tsayayye, wato a duba taswira a RAM a tafi kai tsaye. Saboda haka lokacin da za ka iya jin bambanci shi ne lokacin da faifan ke girma da sauri, kamar ranar ɗora Windows, ko babban sabuntawa, ko kwafar babban fayil zuwa ciki. Bayan 'yan makonni, idan girman ya daidaita, yawancin rubutun yana faɗawa kan yankunan da suke nan tuni, harajin ya kusa ƙarewa.

Akwai asara ta biyu wadda ita ba ta wucewa, kuma ita ce tushen maganar abokinka. A faifai mai ƙaruwa yankuna suna jeruwa a fayil ne bisa wanda aka fara rubutawa, ba bisa tsarin da baƙuwar take gani ba. Yankin da take ɗauka na 500 da na 501 maƙwabta ne, amma a fayil ɗin gaske ƙila akwai gigabait goma tsakaninsu. Ƙari a kan haka, fayil ɗin kansa yana tsawo ne a hankali a kan faifan mai masauki, wato kwamfutar gaske da VM ke zaune a ciki, kuma a tsakanin wannan tsawo da wancan wasu fayilolin sun riga sun zauna a gabansa, sai ya tarwatse. A faifai mai juyawa, irin HDD ɗin da ke cikin yawancin tsofaffin laftof 'yan kwatano, wannan babbar matsala ce, domin allura ce take tashi ta je wurin da bayanin yake. Kowane tsalle yana cin fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a faifai mai juyi 5400 a minti, wato bai kai tsalle ɗari a daƙiƙa ba. Faifan da zai iya karanta wajen 100 MB a daƙiƙa idan bayanai a jere suke, sai ka ga ya koma rarrafe idan sun warwatse. SSD ba shi da allura. Ko yankin na kusa ko na nesa, kusan lokaci ɗaya ne, kuma yana amsa dubban buƙatu a daƙiƙa. A irin aikin da za ka yi, na ɗora Active Directory da gwada DHCP da DNS, ban yi tsammanin za ka iya gane wanne ne wanne ba ko an rufe maka ido an sauya.

Wani abu da masu yabon tsayayye ba su cika faɗa ba: SSD da ya cika maƙil shi ma gudunsa raguwa yake yi wajen rubutu, saboda yana buƙatar sarari na juya bayanai a cikinsa. Da za ka matsa ka ƙirƙiri tsayayye ɗaya mai 60 GB da wani mai 25 GB, ka bar wa Windows ɗinka na gaske 5 GB, da ka sayi ɗan gudun da ba za ka ji ba da nauyin da za ka ji a ko'ina. Kuma idan VM ta yi nauyi a laftof irin naka, fara duba RAM. VM uku a lokaci guda a kan 8 GB, faifai ko wane iri ne ba zai cece ka ba.

Yanzu ga tsohon Ubuntu ɗinka. Ƙa'idar ita ce faifai mai ƙaruwa ƙaruwa kawai ya sani, ba ya raguwa da kansa. Idan ka goge fayil a cikin Ubuntu, abin da tsarin fayil na ext4 yake yi shi ne ya rubuta a littafinsa cewa wurin ya zama fanko. Bayanan suna nan kwance ba a share su ba, kuma VirtualBox ba ya karanta littafin ext4, yankuna kawai yake gani masu ɗauke da wani abu da ba sifili ba. Mu ɗauka ka gama ɗora Ubuntu fayil ɗin yana 12 GB. Ka sauke wani ISO mai 5 GB ka goge, fayil ya zama 17. Sabuntawa ta zo ta sauke fakitoci, ta warware su, ta goge tsofaffin, kuma ba lallai sababbin su zauna a gurbin tsofaffin ba, sai su taɓa sababbin yankuna. Haka za a yi ta tafiya har a kai 31, alhali `df -h` yana ce maka 14. Wannan 31 ɗin ba yawan abin da ke ciki ba ne, yawan wuraren da aka taɓa rubutawa ne tun ranar farko. Akwai kuma ɗan ƙari daga girman yankin kansa: ko 4 KB aka rubuta a sabon yanki, 1 MB cikakke za a ware. A Hyper-V abin ya fi fitowa fili, don yankin VHDX mai ƙaruwa 32 MB ne idan ba ka sauya ba, shi ya sa Microsoft ta ba da shawarar a mayar da shi 1 MB ga baƙin Linux.

Kafin ka gyara, duba gaskiyar lamarin daga wajen mai masauki. A Windows, `VBoxManage` yana cikin `C:\Program Files\Oracle\VirtualBox`, sai ka shiga wannan jakar, kuma a kowane umarni ka rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin `.vdi` a gurbin sunansa kaɗai:

```
VBoxManage showmediuminfo disk "Ubuntu.vdi"
```

Layin `Capacity` shi ne abin da baƙuwar take gani, `Size on disk` shi ne abin da fayil ɗin ya ci maka, `Format variant` kuma zai gaya maka mai ƙaruwa ne ko tsayayye.

Matse shi mataki biyu ne, kuma mutane da yawa na biyun kawai suke yi su ce bai yi aiki ba. Umarnin matsewa yankunan da suke sifili zalla kaɗai yake iya zubarwa, don haka sai ka fara mayar da duk wurin da yake fanko sifili daga cikin baƙuwar. A Ubuntu:

```
sudo apt clean
sudo dd if=/dev/zero of=/sifili bs=1M status=progress
sync
sudo rm /sifili
sudo poweroff
```

`dd` zai tsaya da saƙon "No space left on device". Kada ka tsorata, abin da ake nema ke nan, faifan baƙuwar ne ya cika da sifili, sai ka goge fayil ɗin. Idan baƙuwar Windows ce, ƙaramar manhajar SDelete ta Sysinternals ce take wannan aiki da `sdelete -z c:`. Ka kula harafin `-z` ne. `-c` wani aiki ne daban, na shafe sawu, kuma yana iya kumbura maka fayil ɗin maimakon ya rage shi. Bayan an kashe VM ɗin kashewa ta gaske, ba "Save the machine state" ba, sai ka dawo wajen mai masauki:

```
VBoxManage modifymedium disk "Ubuntu.vdi" --compact
```

A misalinka ina sa ran ya sauko kusa da 15 ko 16 GB. Ba zai kai 14 daidai ba, saboda duk yankin da ke da ko ɗan bayani kaɗan a ciki dole a bar shi. Ka yi wannan aiki tun kana da sarari a laftof, kuma ka kwafi fayil ɗin zuwa wani faifai tukuna idan akwai abin da ba ka son rasawa a ciki, domin matsewa tana ɗaga yankuna daga ƙarshen fayil ta cusa su a guraben da aka zubar, wuta ko batir ya yanke a tsakiya ba daɗi.

Wuri ɗaya da wannan dabara ba ta ci shi ne idan ka kulle faifan baƙuwar da BitLocker ko LUKS. Sifilin da ka rubuta a ciki, kafin ya iso wurin VirtualBox ya riga ya zama rubutun sirri mai kama da tarkace, don haka `dd` zai cika maka fayil ɗin har 60 GB, matsewa kuma ba za ta samu abin zubarwa ba. A VM ɗin gwaji bar kulle faifai sai in shi kake koyo. Haka ma kada ka riƙa yin difrag a cikin baƙuwa mai faifai mai ƙaruwa, kwashe bayanai yake yi daga tsofaffin yankuna zuwa sababbi, fayil ya ƙara tsawo a banza.

Akwai hanyar da fayil ɗin zai riƙa raguwa da kansa, wato a gaya wa baƙuwar cewa faifanta SSD ne, a kuma bar saƙon TRIM, mai sanar da wuraren da aka goge, ya wuce zuwa VirtualBox ta hanyar `--nonrotational on --discard on` a umarnin `storageattach`. Da fayil ɗin VDI kaɗai take aiki. Ni dai ga mai koyo na fi son matsewa da hannu lokaci-lokaci, don kana ganin abin da ya faru da idonka.

Babban haɗarin faifai mai ƙaruwa shi ne alkawarin da ya fi abin hannu. Ka yi wa baƙi uku alkawarin 180 GB a gidan da 90 ya rage, kamar mai gidan haya da ya karɓi kuɗin mutum shida a ɗaki uku yana fatan ba za su kwana gida rana ɗaya ba. Kowace baƙuwa tana duba faifanta ta ga sarari birjik, ba ta san laftof ɗin ya kusa cika ba. Ranar da ya cika, VirtualBox zai dakatar da VM ɗin ya nuna saƙo mai ɗauke da `VERR_DISK_FULL`. A Hyper-V za ka ga yanayinta ya koma "Paused-Critical". Idan ka ga haka, kada ka danna "Power Off", kada kuma ka rufe ta da ƙarfi. Rubutun da ya maƙale yana nan yana jira. Je ka share wani abu a laftof ɗin, ko ka kwashe bidiyoyi zuwa filashi, ka samar da 'yan gigabait, sannan ka danna "Resume", yawanci za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Waɗanda suke kashe ta a wannan hali su ne suke tashi da tsarin fayil da ya lalace. Kuma ka tuna ba VM ce kaɗai ke shan wahala ba, Windows ɗin laftof ɗin ma a kan wannan faifan yake numfashi.

Ga yadda zan tsara maka 90 ɗin nan. Ware 25 GB ka ɗauka babu su, na SSD ne da sabuntawar Windows ɗinka. Saura 65. Sabon Windows Server da sabon Windows 10 kowanne ka yi masa kasafin wajen 20 zuwa 25 GB bayan sabuntawar farko, Ubuntu kuma 12 zuwa 15. Ka ga ka riga ka kai bakin iyaka tun ba ka fara aikin kirki ba. Saboda haka matse tsohon Ubuntu ɗin ka ci gaba da amfani da shi maimakon ɗora sabo: ba ka ƙara kashe 15 ba, ga kuma wajen 15 da za ta dawo maka daga matsewar. Idan ba ka buƙatar tebur da tagogi a Linux ɗin, Ubuntu Server ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Girman 60 GB da ka zaɓa kuwa bar shi haka, ba ya cin komai sai an rubuta, amma kada ka ga kyauta ce ka rubuta 500 GB. Wannan lambar ita ce birkinka. Idan wani log ya haukace a cikin baƙuwa, gara ya bugi bangon 60 da ya cinye laftof ɗin gaba ɗaya. In wata rana ka koma Windows 11, shi 64 GB ne mafi ƙarancin faifan da yake karɓa, sai ka ba shi 80.

Sai maganar Snapshot, wato adana yanayin VM don a iya komawa gare shi, wadda take rushe lissafin mutane da yawa, har da masu faifai tsayayye. Da zarar ka ɗauki Snapshot, VirtualBox yana daskarar da asalin fayil ɗin, ya buɗe sabon fayil a jakar `Snapshots`, duk wani sabon rubutu can zai tafi. Wannan sabon fayil kullum mai ƙaruwa ne, ko da uwar tsayayya ce. Wato wanda ya jira aka rubuta masa 60 GB don neman gudu, sannan ya ɗauki Snapshot, ya koma kan mai ƙaruwa bai sani ba, ga kuma 60 ɗin ya riga ya biya. Kowane Snapshot yana iya girma har ya kai girman faifan, kuma idan sun yi jeri, karatu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman inda yankin yake. Mai koyon netwok ba zai rabu da Snapshot ba, don kafin ka mayar da sabar ta zama Domain Controller dole ka so hanyar komawa baya. Ka riƙe ɗaya ko biyu, ka goge sauran daga cikin VirtualBox, kada ka taɓa goge fayilolin `Snapshots` da hannu. Gogewar ma haɗe fayiloli take yi, tana iya neman sarari, don haka kada ka bari sai faifai ya cika. Idan kana da Snapshot a tsohon Ubuntu ɗin, goge Snapshot ɗin kafin ka yi aikin sifili da matsewa.

To yaushe zan ce a ɗauki tsayayye? Idan VM ɗin za ta zauna a kan faifai mai juyawa kuma aikinta rubutu ne ba dare ba rana, kamar rumbun bayanai na SQL Server ko PostgreSQL, tsayayye ya cancanci jiran. A 100 MB a daƙiƙa, rubuta 60 GB wajen minti goma ne, sau ɗaya tak. A ƙirƙire shi tun faifan yana da sarari sosai, don idan faifan ya riga ya tarwatse, tsayayyen ma a tarwatse zai zauna. Dalili na biyu ya fi na gudu ƙarfi a wurina: sabar ofis ko ta makaranta da ba wanda yake duba ta kullum. A can abin da kake saya da tsayayye shi ne tabbacin cewa ba za ta tsaya da tsakar rana ba don wani ya cika faifan mai masauki. Sannan a inda wuta take ɗaukewa ba sallama kuma kwamfutar tebur ce ba UPS, tsayayye yana da ɗan rinjaye, domin taswirarsa ba ta sauyawa, mai ƙaruwa kuwa ana iya yanke shi tsakanin tsawaita fayil da gyara taswira. Wannan na cikin abin da ya sa Microsoft ta sa wa VHDX littafin ajiye sauye-sauye lokacin da ta fito da shi tare da Windows Server 2012. Amma ba kariya ce cikakkiya ba, tsarin fayil ɗin baƙuwar yana iya lalacewa ko wane iri ka zaɓa. Kai da kake kan laftof, batirinka ne UPS ɗinka, in dai yana riƙe caji.

Zaɓin kuma ba auren dole ba ne. Idan ka sayi babban faifai daga baya kana so ka gwada da kanka, kwafi za ka yi zuwa ɗaya nau'in:

```
VBoxManage clonemedium disk "Server.vdi" "Server-fixed.vdi" --variant Fixed
```

Sai ka cire tsohon a "Storage" ka maƙala sabon. `--variant Standard` shi ne na komawa mai ƙaruwa. Za ka buƙaci wannan na biyun idan faifai tsayayye ya yi maka kaɗan, saboda `--resize` a VirtualBox da mai ƙaruwa yake aiki, tsayayye sai an mayar da shi tukuna. Mai ƙaruwa kuwa layi ɗaya ne, `VBoxManage modifymedium disk "Server.vdi" --resize 81920` ya kai shi 80 GB, sannan ka shiga cikin baƙuwar ka faɗaɗa fatishan ɗin da Disk Management ko GParted, don ba ya faɗaɗa da kansa. Ƙarawa kawai ake yi da wannan umarni, ba a ragewa.

Idan sararin ya gagara kana tunanin mayar da VM ɗaya kan faifan waje, duba fomatinsa tukuna. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4 GB. Tsayayye zai ƙi ƙirƙiruwa tun farko ka gane, mai ƙaruwa kuwa zai fara lafiya lau, sai ana tsakiyar ɗora Windows ya kai 4 GB ya tsaya. Mayar da faifan NTFS ko exFAT, kuma ya kasance SSD ne a kan USB 3, ba ƙaramin filashi ba.